Takardar aikin jinya ta Nijar: yadda ake sanin ko za ta yi aiki a wata ƙasa kafin a ɗaure kaya

 Tambaya ɗaya ta daɗe tana maimaita kanta a cikin saƙonnin da ke iso mana daga Tanut, Belbeji, Gangara, Olelewa, har da ƴan uwa mazauna Kano da Tarabulus da Makka: yaro ko yarinya sun gama makarantar lafiya a Damagaram, aikin gwamnati bai fito ba, shin in suka tsallaka wata ƙasa takardarsu za ta ci? Mun tattara amsar a nan don kowa ya karanta a natse. Mun fi ba da ƙarfi kan aikin jinya da kuma Najeriya, tunda nan ne mafi kusa da mu. Daga baya za mu taɓa wasu ƙasashen da kuma injiniyoyi.

Ƙofa uku ce, ba ɗaya ba

In aka ce "an yarda da takarda", abu uku ne mabambanta, kuma kowane da mai riƙe da makullinsa.

Ƙofa ta farko ita ce yarda da karatun kansa. Ana duba ko makarantar da ta ba da takardar halattacciya ce a ƙasarta, sannan a auna matsayin karatun da ma'aunin ƙasar da za a je. Wannan aikin ma'aikatar ilimi ne.

Ƙofa ta biyu ita ce izinin taɓa maras lafiya. Jinya sana'a ce da doka ta killace. Ko da ma'aikatar ilimi ta ce karatunka ya yi, ba za ka yi wa kowa allura da sunan ma'aikacin jinya ba sai hukumar sana'ar ta sa sunanka a rajistarta ta ba ka lasisi.

Ƙofa ta uku ita ce izinin zama da na aiki, wanda ke hannun hukumar shige da fice.

Mai asibiti ba ya riƙe da ko ɗaya daga cikin makullan nan. Shi ya sa kalmar "zo kawai, akwai aiki" daga bakin ɗan uwa, ko da da zuciya ɗaya ya faɗe ta, ba ta amsa tambayar ba. Wanda ya fara da neman aiki kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa ta biyu, galibi yakan ƙare ne a ƙaramin asibiti mai zaman kansa ko shagon magani, ana biyan shi abin da aka ga dama, kuma ranar da wani abu ya samu maras lafiya a hannunsa, doka ba ta san shi a matsayin ma'aikacin jinya ba.

Fara sanin abin da ke hannunka

A nan gida mutane kan kira duk mai farar riga a likita "anfirme", amma takardun ba ɗaya ba ne. Manya guda biyu ne suka shafe mu. Akwai ta ASB, wato ma'aikacin lafiya na matakin farko, wadda ake shiga da BEPC a yi shekara 3. Akwai kuma lisans ta aikin jinya, wadda ake shiga da bak, ita ma a yi shekara 3. Makarantun gwamnati na ENSP a Damagaram da Yamai, da kuma makarantu masu zaman kansu, su ne ke horar da ɗalibanmu.

Hukumomin waje sukan fara ne da ƙidayar shekaru, don haka mu ƙirga tare. A tsarinmu firamare shekara 6 ce, kwaleji 4, lise 3. Mai ASB yana da 6 da 4 da 3 na makarantar lafiya, shekara 13 ke nan. Mai lisans yana da 13 har zuwa bak, a ƙara 3, shekara 16. A Najeriya kuwa firamare 6 ce, sakandare 6, jimilla 12. Wanda ya bi tsohuwar hanyar makarantar jinya ya ƙara 3, ya kai 15. Wanda ya yi digirin jinya a jami'a ya ƙara 5, ya kai 17.

Kun ga inda lissafin ya tsaya. Mai lisans ɗinmu yana tsakiyar matakan Najeriya biyu, don haka akwai abin da za a kwatanta shi da shi. Mai ASB kuwa yana ƙasa da mafi ƙanƙantar matakin cikakken ma'aikacin jinya da shekara biyu, kuma bai kammala sakandare ba kafin ya shiga makarantar lafiya. Ba a ce bai iya aiki ba. Mu da muke ganin yadda suke riƙe da CSI a ƙauyukanmu mun san ƙwazonsu. Amma hukuma takarda take karantawa, ba ƙwazo ba.

Hanyar Najeriya, mataki mataki

Hukumar da ke riƙe da ƙofa ta biyu a Najeriya ita ce Nursing and Midwifery Council of Nigeria, a taƙaice NMCN. Dokar shekarar 1979 ce ta kafa ta a siffarta ta yanzu, babban ofishinta yana Abuja, shafinta kuma shi ne nmcn.gov.ng. Duk wanda ya yi karatun jinya a wajen Najeriya ta nan zai bi. Ko ɗan Najeriya ne haifaffen Katsina, in a Maraɗi ya yi karatu, ana lissafa shi cikin waɗanda aka horar a waje.

Tafiyar tana da zango huɗu. Da farko ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja za ta tantance takardun ta ba da wasiƙar da ke faɗin matsayinsu. Sannan NMCN ta duba abin da aka koya, darasi darasi, da yawan lokacin da aka yi a aji da wanda aka yi a gefen gadon marasa lafiya. Bayan haka sai zaman sabo a wata makarantar da hukumar ta amince da ita, na tsawon watanni, domin a cike giɓi a kuma san tsarin asibitocin ƙasar. Na ƙarshe ita ce jarrabawar hukuma.

Jarrabawar da Turancin Ingilishi ake yin ta. Akwai ɓangaren da ake amsawa a kwamfuta, akwai kuma na aikin hannu, inda ɗalibi ke zagaya tebura ɗaya bayan ɗaya, a kowane a ba shi aiki cikin ƴan mintuna, mai jarrabawa na tsaye yana ba da maki. Ta ma'aikatan jinya akan yi ta a watan Mayu da Nuwamba, ta ungozomomi a Maris da Satumba. Rajistar jinya daban, ta ungozoma daban. Wanda ya ci sai a ba shi lambar rajista da lasisi, wanda ake sabuntawa duk shekara 3.

Akwai wani sharaɗi da ke kama ɗalibanmu ba zato. A Najeriya ba a shiga karatun jinya sai da sakamako mai kyau a darussa biyar na ƙarshen sakandare: Ingilishi, lissafi, ilimin halittu, kimiyyar sinadarai da fiziks. Da wannan idon ake kallon bak ɗinmu. Mai bak D yana da darussan kimiyyar a takardar makinsa. Mai bak A, wanda ƙarfinsa ke kan falsafa da harsuna da tarihi, ya kamata ya tambayi hukumar tun farko yadda za ta ɗauki nasa.

A sani kuma cewa ido ya ƙara buɗewa a ƴan shekarun nan. A watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin jami'o'in Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida. Ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ambaci Nijar da Kenya da Yuganda cikin ƙasashen da binciken zai kai gare su. A watan Agustan shekarar aka bayyana cewa jami'o'i biyar ne a Benin da uku a Togo kawai gwamnatin ta amince da su. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, sunan makaranta da izinin da gwamnatinmu ta ba ta suna da nauyi kamar makin ɗalibi.

Misali: mutum biyu, hanya biyu

Mu ƙaddara saurayi ne ɗan Tanut, ya ci bak D, ya yi lisans ta jinya a Damagaram, yayansa na kasuwanci a Kano yana kiran shi.

Abu na farko, ba zai hau mota ba. Zai rubuta wa NMCN ta adireshin da ke shafinta, ya faɗi sunan takardarsa daidai yadda yake rubuce da Faransanci, sunan makarantar, shekarar shiga da ta fita, ya nemi jerin takardun da ake bukata daga wanda aka horar a waje da kuɗin kowane mataki. Amsar a rubuce yake son ta, ba ta bakin wani ba.

Na biyu, zai koma makarantarsa ya karɓi abu uku: difilom na ainihi, ba takardar shaidar wucin gadi da ake bayarwa bayan sakamako ba, takardar makin kowace shekara, da cikakken tsarin darussa mai nuna awannin aji da makonnin aikin koyo a sashen yara, sashen haihuwa, tiyata da sauransu. Wannan na ukun shi ne aka fi mantawa, alhali da shi ake awo. Zai haɗa da shaidar cewa ya ci jarrabawar ƙasa ta bai ɗaya da ake yi wa ɗaliban makarantun lafiya, da shaidar cewa hukumomin lafiya na Nijar sun san shi a matsayin ma'aikacin jinya, babu wani hukunci a kansa.

Na uku, hatimi da fassara. Hatimin magajin gari a kan kwafi ya isa a cikin gida, amma takardar da za ta fita waje galibi sai ta bi ta ma'aikatar da ke kula da karatun, sannan ma'aikatar harkokin waje a Yamai. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce, don haka a tara komai a yi ta sau ɗaya. Fassara zuwa Ingilishi kuma sai ta mai fassara da hukuma ta rantsar, ba ta malamin Ingilishi na unguwa ba, komai iyawarsa.

Na huɗu, lissafin lokaci. A ce takardunsa sun kammala a Janairu, amma zaman sabo bai ƙare kafin Mayu ba. To, jarrabawa mafi kusa ita ce ta Nuwamba, sannan jiran sakamako da rajista. Ke nan yayan da ke Kano ya sani cewa ba ma'aikaci zai sauka a gidansa ba, ɗalibi ne da za a ciyar kusan shekara guda ko fiye. In iyali sun yarda da wannan nauyin, madalla. In kuwa za a sayar da raƙumi ko buhunan hatsin bana da tunanin albashi zai fara wata mai zuwa, gara a san gaskiya tun yanzu.

Yanzu mu ƙaddara budurwa ce ƴar Belbeji mai takardar ASB, aure zai kai ta Daura. Lissafin shekaru ya nuna cewa ƙofar cikakkiyar ma'aikaciyar jinya za ta yi mata nauyi. Aikin da ta koya ya fi kama da na ma'aikatan lafiyar al'umma na Najeriya, waɗanda ake kira CHEW, su kuma hukumarsu daban ce, wato Community Health Practitioners Registration Board of Nigeria. Can ya kamata ta aika tambayarta, kuma hukumar ce kaɗai za ta ce ya yi ko bai yi ba. Ɗaya hanyar ita ce ta fara ɗaga matsayin karatunta zuwa lisans a nan gida. Ko wacce ta zaɓa, ya fi a yanke shawarar kafin a kai amarya, lokacin da makarantarta ke kusa.

Inda takardu suka fi lalacewa

Na farko suna. Takardar haihuwa ta ce Mahamadou, difilom ya ce Mahaman, fasfo ya ce Mohamed. A gida duk mun san mutum ɗaya ne, amma ga ma'aikacin da ke Abuja ko Riyad mutum uku ne. Haka ranar haihuwa: da yawanmu takardar alƙali muke da ita, mai cewa an haife mu wajejen shekara kaza, sai wata takarda ta sa 1 ga Janairu, wata ta bar wurin fayau. A shimfiɗa dukkan takardun a tabarma ɗaya a karanta harafi harafi. In an ga saɓani a gyara a kotu da makaranta kafin a yi fassara, domin mai fassara kuskuren zai kwafe.

Na biyu kalmomi masu kama da juna. Abin da Faransanci ke rubutawa Licence digiri ne na shekara 3. A takardun cikewa na Ingilishi kuwa, in aka rubuta Licence ana nufin lasisin aiki. Ɗalibi sai ya ga gurbin ya saka digirinsa, a mayar masa da takardu a ce bai kawo shaidar izinin aiki daga ƙasarsa ba. Haka Baccalauréat, wato bak ɗinmu ta ƙarshen lise, ba ita ce Bachelor ba, wadda ke nufin digirin jami'a. Fassarar da ta haɗa su za a ɗauke ta a matsayin yaudara.

Na uku makarantar da ba ta amsa wasiƙa. Hukumomin waje ba sa tsayawa ga takardar da ka miƙa, sukan nemi tabbaci daga inda ta fito. In saƙo ya zo babu mai buɗe shi, fayil ɗinka zai kwanta wata da watanni. Kafin ka tafi ka san ofishin da ke amsa irin wannan saƙo, ka tabbatar adireshin da ka bayar yana aiki.

Yarjejeniyoyin ƙasashe: abin da suke yi da wanda ba sa yi

Za ku ji ana cewa "takardar nan CAMES ta yarda da ita". CAMES majalisa ce ta ilimi mai zurfi da aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta na Wagadugu, tana da ƙasashe 19, mafi yawansu masu amfani da Faransanci. Amincewarta tana taimakawa a ƙofa ta farko a ƙasashe irin su Burkina Faso, Cadi, Sanagal da Kwaddibuwa. Amma a lura da abu uku. Tana amincewa ne da takarda ɗaya ɗaya, ba da makaranta dungurungum ba, don haka a duba sunan takardar a jerin da ke lecames.org. Ba ta shafi karatun da ake shiga da BEPC ba. Kuma Najeriya, Gana, Aljeriya da Libiya ba sa cikinta.

Game da CEDEAO kuwa, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa ƴan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga da zama ba tare da biza ba har sai an ba da wata sanarwa. Wannan maganar ƙofa ta uku ce, kuma ta wucin gadi. Ko a lokacin da muke cikin ƙungiyar, ƴancin tsallaka iyaka bai taɓa ɗauke wa kowa rajistar NMCN ba.

Saudiyya, Faransa da Birtaniya a taƙaice

A Saudiyya hukumar ita ce Saudi Commission for Health Specialties. Ana fara tabbatar da takardu daga tushe ta kamfanin DataFlow, sannan hukumar ta ba mutum matsayi, ya kuma zauna jarrabawa. Bizar Umara ba ta aiki ba ce.

Faransa kuwa, duk da harshe ɗaya da kamannin sunan takarda, difilom ɗin jinya na Nijar ba ya ba da izinin aiki a can. Sai an shiga makarantar jinya ta ƙasar, wadda ake kira IFSI, an samu takardarsu, ko da yake ana iya rage wa mutum wani ɓangare na karatun. Takardar kwatanci da cibiyar ENIC-NARIC ke bayarwa ba lasisi ba ce.

Birtaniya tana neman jarrabawar Ingilishi da ta sana'a. Sannan Nijar da Najeriya suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalansu zuwa farautar ma'aikata a irin waɗannan ƙasashe. Mutum na iya nema da kansa, amma wanda ya zo Damagaram yana cewa an aiko shi ɗibar ma'aikata zuwa asibitocin gwamnatin Birtaniya, maganarsa ta saɓa wa ƙa'idar ƙasar da yake ambato.

Injiniyoyi fa?

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a yankinmu a 2011, matasanmu da yawa sun karkata ga karatun fasaha, a EMIG ta Yamai ko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Su ƙofarsu ta biyu ta danganta da ƙasa. A Najeriya hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke rajista, kuma tana da matakai huɗu: injiniya, masanin fasaha, mai fasaha da gwanin aikin hannu. Tambayar da za a aika mata ita ce a wane mataki takardar za ta faɗa, domin wanda muke kira injiniya a gida bayan shekara 2 ko 3 da bak ba lalle ya samu matakin farko ba, kuma matakin ne ke nuna aikin da doka ta yarda ya sa wa hannu. A Saudiyya baƙon injiniya sai ya yi rajista da Saudi Council of Engineers. A Faransa kamfani na iya ɗaukar mutum aikin injiniya ba tare da lasisi ba, amma laƙabin injiniya mai difilom doka ta keɓe shi ga takardun da hukumar CTI ta amince da su.

Yadda ake gane ɗan damfara

Alamunsa ba sa ɓuya. Zai ce babu jarrabawa, ko ya san wani a ciki. Zai ce a tura kuɗi asusun wani mutum, alhali hukumomin tarayyar Najeriya ta tsarin Remita ake biyan su, a samu rasit mai lamba. Zai nemi riƙe difilom na ainihi ko fasfo. Zai hana ka tuntuɓar hukumar da kanka. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tsaya.

Ƴan uwa na waje, taimakon da ya fi kuɗin mota shi ne ku taka zuwa ofishin hukumar da ke ƙasar da kuke, ku karɓo jerin takardu da farashi na wannan shekarar, ku ɗauki hoto ku turo gida, domin sharuɗɗa da kuɗi suna canzawa. Iyaye kuma da ke shirin sa yaro makarantar lafiya bana, ku nemi ganin takardar izinin makarantar, ku tambaya ko ɗalibanta na zama jarrabawar ƙasa, tun kafin ku biya kuɗin shekarar farko.

Mai tambaya ya aiko ta hanyar da aka saba, za mu karanta ta a shirinmu ba tare da ambaton suna ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa wa karatun yaranmu albarka.